Sukuk ko bon: ina ya kamata a ajiye kuɗin garatuti?

*"Na yi ritaya daga aikin jinya, an biya ni garatuti, na ware naira miliyan 10. Ni ba na son kasada. Abin da nake nema shi ne wani abu ya riƙa shigo mini a kai a kai ba tare da na taɓa uwar kuɗin ba. Ɗana ya ce in sayi bon na gwamnatin tarayya, ƙanena kuma ya ce sukuk ya fi tsafta, ya kuma fi aminci tunda akwai kadara a bayansa. Wanne zan ɗauka?"*

Hajiya, Allah ya sanya albarka a cikin abin da aka samu. Maganar ƙanenki gida biyu ce, kuma ya kamata a raba su. A kan tsafta yana da hujja mai ƙarfi. A kan aminci kuwa, sukuk na gwamnatin tarayya bai fi bon ɗinta aminci da ko kwabo ba, domin aljihu ɗaya ne yake biyan su duka biyun. Abin da zai iya cutar da kuɗinki yana wani wuri dabam, kuma a can zan fi daɗewa.

Bon takardar bashi ce. Kin ranta wa gwamnati naira dubu, ta yi alkawarin ba ki kaso kaza a kai duk shekara, in wa'adi ya cika ta maido miki dubunki. Bashi ne da ya jawo ƙari, shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1990 cewa bai halatta a fitar da irin wannan takarda, ko a saye ta, ko a yi cinikinta ba, ko da gwamnati ce ta fitar. Idan wannan hukunci shi ne kike bi, to an riga an rufe ƙofar bon, sauran magana kuma ta koma yadda za ki shiga sukuk ba tare da kin ji ciwo ba.

Shi sukuk na gwamnatin Najeriya an gina shi ne a kan ijara, wato haya. Ofishin kula da basussukan ƙasa, DMO, shi yake shirya shi, amma ba gwamnati ce kai tsaye take karɓar kuɗinki ba. Akwai kamfani da aka kafa don wannan aiki kaɗai, sunansa FGN Roads Sukuk Company 1 Plc. Shi yake tara kuɗin masu saye, ya ba kowa shaidar cewa yana da kaso a cikin hanyoyin da za a gina ko a gyara. Daga cikin kuɗin ake biyan 'yan kwangila. Gwamnati kuma ta karɓi hayar hanyoyin, tana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, har zuwa ranar da wa'adi ya cika ta saye kason kowa a kan farashin da ya saka tun farko. Kafin a buɗe kasuwarsa sai majalisar masana ta Babban Bankin Najeriya, wadda ake kira FRACE, ta duba yarjejeniyar ta amince. Na farko ya fito a Satumban 2017, naira biliyan 100, aka raba wa ayyukan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Wannan fa abu ne da nake yaba wa: kuɗin an ɗaure shi da aiki mai suna, ba ya narkewa cikin kasafin kuɗi kamar na bon, har kina iya ganin allon sukuk a gefen titi.

To amma ki tambayi kanki, daga ina kuɗin hayar yake fitowa? Ba daga direbobin da ke bin hanyar ba. Daga baitulmali yake fitowa, inda ake biyan masu bon. Idan aka wayi gari gwamnati ta kasa biya, babu kotun da za ta yanko miki kilomita ɗaya na titin tarayya ta ce ki je ki sayar. Abin da kike riƙe da shi a zahiri shi ne alkawarin gwamnati cewa za ta biya haya, ta kuma saye kason a ƙarshe. Kadarar tana nan don ta halatta cinikin, ba jingina ba ce da za a ƙwace. Mafi yawan sukuk da ke yawo a duniya haka suke. Saboda haka mai sukuk da mai bon a jirgi ɗaya suke.

Shin gwamnati tana iya kasa biya? A kan bashin naira hadarin ƙarami ne, tunda ita ke da ikon karɓar haraji, a kuɗinta kuma take biya. Sukuk na 2017 ya cika wa'adi a 2024, an biya masu shi. Sai dai ƙarami ba babu ba ne, kuma 'yan'uwanmu na Gana sun gani da idonsu. A Disambar 2022 gwamnatinsu ta nemi masu riƙe da takardun bashinta na cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙarancin riba da tsawon wa'adi, har tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akara. Wannan dalili ne na kada ki zuba duk abin da kika mallaka a hannun mai biya ɗaya, kuma ya hau kan sukuk kamar yadda ya hau kan bon.

Yanzu ga lissafin miliyan 10 ɗinki. Sukuk da aka fitar a Mayun 2025 na shekara bakwai ne, hayarsa kashi 19.75 cikin ɗari. Wadda ta saka miliyan 10 a ranar fitarwa tana karɓar naira 1,975,000 a shekara, wato 987,500 duk wata shida. In ta raba wa watanni, kusan 164,500 ke nan kowane wata. Amma na Yunin 2020, shi ma na shekara bakwai, hayarsa kashi 11.20 ce. Miliyan 10 a cikinsa tana ba da 560,000 duk wata shida, kimanin 93,000 a wata. Gwamnati ɗaya, yarjejeniya iri ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ɗaya tana karɓar abin da ya kusa ninka na ɗaya. Na 2017 ya ba da 16.47, na 2018 ya ba da 15.743, na 2022 da na 2023 suka tsaya kusa da 15.7.

Me ya sa hayar hanya take hawa da sauka haka? Domin ba da ƙimar kwalta ake yanke ta ba. Ana duba abin da bon mai irin wannan wa'adin yake bayarwa a kasuwa a lokacin, sai a sa hayar kusa da shi. Dole ne a yi hakan, tunda manyan masu sayen sukuk su ne bankuna da kamfanonin fansho, su kuma suna da zaɓin komawa bon in an rage musu. A 2020 kuɗin ruwa ya faɗi warwas a kasuwa, Babban Banki ya sauke ma'aunin kuɗin ruwansa har kashi 11.5 a Satumba, sai haya ta sauka. A ƙarshen 2024 ma'aunin ya kai 27.5, sai haya ta tashi. Wasu malamai ba sa jin daɗin wannan dogaro da ma'aunin kuɗin ruwa, amma mafi yawan masana harkar suna ganin yin awo da shi bai ɓata cinikin ba matuƙar hayar kanta sahihiya ce. Abin da ya shafi aljihunki shi ne: tazarar da ke tsakanin sukuk da bon da aka fitar lokaci ɗaya 'yar kaɗan ce, tazarar da ke tsakanin shekara da shekara kuwa babba ce. Ba ki yi asarar wani abin kirki ba don kin zaɓi sukuk, ba kuma ki ci wata riba ta musamman ba.

Babban abokin gabarki shi ne tsadar kaya. Kin ce ba kya son taɓa uwar kuɗin, kuma a takarda ba za a taɓa ta ba: miliyan 10 kika saka, miliyan 10 za a maido. Amma ki ɗauki wadda ta shiga na 2020 tana karɓar kashi 11.20. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Hayarta ba ta motsa ba, cefane kuwa ya yi gaba ya bar ta. Bari mu ƙaddara, don lissafi kawai, kaya za su riƙa tashi da kashi 15 duk shekara har shekara bakwai. Farashi zai ninka kusan sau biyu da biyu bisa uku. Miliyan 10 da za a maido miki za ta sayi abin da miliyan 3 da dubu 760 ke saye yau, 164,500 ɗin wata kuma za ta koma kamar dubu 62. Wanda ya cinye hayar duka yana kamar manomin da ya ci amfanin gona har da iri: bana ya ƙoshi, baɗi gonar ta ragu. A nan sukuk da bon duk ɗaya ne, domin dukansu adadi ne tsayayye na naira. Maganinsa ɗaya ne na sani mai aiki, shi ne ki ƙudurta tun yanzu cewa wani kaso na kowace haya, ko da kashi ɗaya bisa uku ne, ba na ci ba ne, na mayarwa ne. A lissafinmu, ki ci dubu 110 a wata, ki tara sauran ki sake sakawa. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji ga mai fansho, amma gara ki ji ta yanzu.

Abu na biyu shi ne sayarwa kafin wa'adi. Ana yawan cewa sukuk yana kasuwar hannun jari ta NGX da ta FMDQ, duk ranar da kike so kina iya sayarwa. Gaskiya ne kina iya sayarwa, amma ba a ce a kan farashin da kika saya ba. Ki koma ga mai sukuk ɗin 2020. A ce a tsakiyar 2024 wata lalura ta taso mata, saura shekara uku wa'adi ya cika, kasuwa kuma tana ba da kusan kashi 19 ga sabon mai saye. Wa zai biya ta dubu cif a kan takardar da ke ba da 11.20? Babu. Mai saye zai rage farashi har sai abin da zai samu ya yi daidai da 19, kuma lissafin yana faɗawa wajen naira 828 a kan kowace dubu. Miliyan 10 ɗinta ta koma kusan miliyan 8 da dubu 280, kafin a cire ladan dillali. Gwamnati ba ta ci mata ko sisi ba, da ta iya haƙuri zuwa 2027 da an ba ta kuɗinta cif. Tsawon wa'adin da ya rage shi ke ƙara girman wannan rami, don haka na shekara goma ya fi na shekara uku saurin faɗuwa in kuɗin ruwa ya tashi.

A wannan fanni bon ya fi sukuk, dole in faɗa. Kasuwarsa ta fi faɗi nesa ba kusa ba, ana cinikinsa kullum. Sukuk kuwa kaɗan ne, kuma masu riƙe da shi, musamman bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa da asusun fansho na halal, ba su da abin maye gurbinsa da yawa, sai su rungume shi har wa'adi. Sakamakon haka mai son saye yana shan wahalar samu, mai son sayar da ɗan kaɗan kuma yana iya jira ko ya karɓi tayin da bai kai ba. Alamar da za ki gane ita ce ki ce wa dillali ya gaya miki farashin saye da na sayarwa a rana ɗaya. In tazarar tana da faɗi, kasuwar ba ta da mutane.

Akwai kuma tarko ta ɗaya gefen, kuma shi ne na fi jin tsoron ki faɗa, tunda ba kullum ake fitar da sabon sukuk ba. Daga 2017 zuwa Mayun 2025 sau bakwai kacal aka fitar, akwai ma shekarun da aka tsallake. Idan kin je babu sabo, dillali zai ce ga na 19.75 nan a kasuwa. Adadin yana da daɗin ji, amma na wanda ya saya ranar farko ne. A ce kuɗin ruwa ya sauko, kasuwa tana kan kashi 16, saura shekara shida. Farashin kowace dubu zai hau zuwa wajen 1,141. Miliyan 10 ɗinki za ta sayo takardun da ƙimarsu ta asali miliyan 8 da dubu 760 ce. Hayar shekara za ta zama kusan miliyan 1 da dubu 730, ranar cikar wa'adi kuma miliyan 8 da dubu 760 za a maido miki, ba 10 ba. Ba zamba ba ce, ribarki ta gaskiya 16 ce kamar yadda kasuwa take. Sai dai kusan miliyan 1 da dubu 240 na uwar kuɗinki an riƙa dawo miki da su a ɓoye cikin haya, in ba ki sani ba kuma sai ki cinye su kina zaton riba ce. Don haka tambayoyi biyu za ki yi wa dillali kafin ki sa hannu: nawa zan biya yau gaba ɗaya, kuma nawa za a maido mini ranar ƙarshe? Ya rubuta miki su a takarda.

Sai batun lokacin biya, tunda kin ce a kai a kai. Sukuk da babban bon, wato bon ɗin gwamnatin tarayya mai dogon wa'adi, duk wata shida suke biya. Babban bon ma ba a shiga gwanjonsa na wata-wata da ƙasa da miliyan 50, don haka in ɗanki yana nufin wanda ƙaramin mai saye ke samu kai tsaye, to wanda ake gani da sunan FGN Savings Bond ne. An fara shi a 2017, ana buɗe shi kowane wata, ana shiga da naira dubu 5, wa'adinsa shekara biyu ko uku, yana biya duk wata uku. Ga mai tsoron kasada wanda kuɗin ruwa bai dame shi ba, wannan siffa ta fi sauƙi ƙwarai: gajeren wa'adi, biya kusa-kusa, ƙofa a buɗe duk wata. Sukuk na gwamnati ba shi da ɗan'uwa mai wannan siffa. Ana shigarsa da dubu 10, amma wa'adinsa bakwai ne ko goma. Wannan shi ne ainihin abin da mai zaɓen sukuk yake sadaukarwa, ba yawan riba ba.

Ana iya rage wannan gibin. Kowane sukuk yana biya ne bisa watan da aka fitar da shi: na Mayun 2025 a Mayu da Nuwamba, na Oktoban 2023 a Afrilu da Oktoba, na Disambar 2022 a Yuni da Disamba. In kika raba kuɗin gida biyu ko uku, biyan zai riƙa zuwa a watanni dabam-dabam, wa'adinsu ma ba zai cika rana ɗaya ba, ba za a maido miki komai lokaci guda a shekarar da kasuwa ta mutu kamar 2020 ba. Duk da haka sai kin koyi yi wa kanki albashi. Hayar ta sauka a wani asusu na dabam wanda babu katinsa a jakarki, ki ba banki umarnin tura miki adadin wata-wata. Naira dubu 987 in ta faɗo a dunƙule, biki ɗaya da gaisuwar mutuwa biyu sun isa su watsa ta.

Za a kawo miki kuma sukuk na kamfanoni ko na jihohi, galibi da haya mafi tsoka. Jihar Osun ce ta fara a ƙasar nan, a 2013, ta gina makarantu. A irin waɗannan, sunan sukuk ba ya gaya miki komai game da ƙarfin mai biya, kuma akwai wani hadari da bon ba shi da shi sam. A 2017 kamfanin Dana Gas na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya tashi ya ce sukuk ɗinsa na dala miliyan 700 ya daina dacewa da shari'a, don haka ba zai biya yadda aka tsara ba. Aka yi ta shari'a a Birtaniya da Sharja, sai a 2018 aka sasanta da sababbin sharuɗɗa. Haka kuma ba kowane sukuk ne haya ba. Wanda aka gina a kan musharaka ko mudaraba haɗin gwiwa ne, riba na iya raguwa, bai kuma halatta mai juya kuɗin ya lamunce miki uwar kuɗi ba. Wanda aka gina a kan murabaha kuwa bashi ne na kaya, malamai da yawa ba sa halatta sayar da shi sama ko ƙasa da ƙimarsa. Ke mai neman abin cefane tsayayye, ki tsaya a kan ijara ta gwamnatin tarayya, ki bar sauran ga masu ƙarfin ɗaukar asara.

Da ni ce ke, Hajiya, ga yadda zan yi da miliyan 10 ɗin. Miliyan 2 ba za su shiga ko ɗaya ba, za su zauna inda hannu ke kai wa cikin kwana ɗaya ko biyu, a asusun ajiya na bankin Musulunci ko makamancinsa, don asibiti da lalura. Su ne za su hana ki sayar da sukuk a ranar da bai kamata ba. Miliyan 8 su shiga sukuk gida biyu masu wa'adi dabam. In an buɗe sabo, ki shiga da wuri ta bankinki ko dillali, ki kuma sa a ranki ba lalle a ba ki duk abin da kika nema ba: na 2025 biliyan 300 aka nema, masu saye suka kawo sama da tiriliyan 2. In kuma a kasuwa za ki saya, ki yi tambayoyi biyun nan tukuna.

Dillalin ya zama mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kuma ana iya duba sunansa a shafinta. Ya buɗe miki asusun CSCS, wato ma'ajiyar da ake rubuta takardun kowane mai saye, da sunanki, ba da sunan ɗa ko ƙane ba, ki karɓi lambarki ta CHN, wadda ake gane ki da ita a CSCS, ki adana, ki tabbata asusun bankin da aka rubuta don biyan haya naki ne kuma sunan ya yi daidai da na BVN ɗinki, domin saɓanin suna yakan maƙale biya. Bayan an gama ciniki ki nemi takardar bayanin CSCS, ki ga adadin takardunki a rubuce da idonki. Kwafi ɗaya kuma ki ajiye inda magada za su same shi.